Raba nisa da gudu bai isa ya ba ka lokacin tafiyar jirgi ba

"Salam 'yan'uwa. Ina koyon tuƙin jirgin sama. Nisa mil 220 ne, jirgin yana gudun 110, na raba na samu awa 2 cif. Malamina ya ce in sake lissafi. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rabawarka daidai ce, 110 ɗin ne ya yaudare ka. Wannan gudun jirgi ne a cikin iska, ita kuma iskar tafiya take yi. Lokaci kuwa da gudunka a kan ƙasa ake auna shi, kamar mai kwalekwale da ke tuƙi ruwa na mayar da shi baya.

Daga gudun da ka faɗa, ina jin ƙaramin jirgi ne irin Cessna 172, don haka da shi zan yi misali. Duk mil ɗin da zan ambata na teku ne, wato kilomita 1.852. A ce za ka tashi daga fili mai daidai da teku, ka hau ƙafa 8,000, iska tana bugo ka ta gaba da mil 20 a awa a can sama, kusan 10 kuma a lokacin hawa da sauka, tunda yawanci ƙarfinta yana raguwa kusa da ƙasa.

Kasa tafiyar gida uku. Hawa a ƙafa 500 kowane minti zai ci minti 16. Gudunka a hawa kusan 80 ne, cire 10 na iska, saura 70, ka ci mil 19 ke nan. Sauka daga 8,000 zuwa 1,000 minti 14 ce, gudu 120 cire 10, mil 26. Sai ka cire waɗannan biyun daga 220, tsakiya ta rage mil 175. A nan 110 cire 20 na iska, gudunka a kan ƙasa 90 ne, minti 117. Haɗa duka: 147, wato awa 2 da minti 27. Ba mu ma sa zagayen fili kafin dira da gangarawa zuwa wurin ajiye jirgi ba.

Ga abin da nake so ka lura da shi. Da babu iska sam, wannan lissafin mai gida uku minti 123 zai ba ka, hawa da sauka minti 3 kacal suka ƙara, domin abin da ka rasa a hawa sauka ta ɗan rama maka. Sauran minti 24 duk aikin iska ne. A ƙaramin jirgi ita ce babbar ɓarauniya, domin 20 cikin 110 ba ƙaramin kaso ba ne.

Kuma kada wani ya ce maka a dawowa za ka fanshe. Raba 220 da 90, minti 147. A dawowa iska na tura ka, raba da 130, minti 102. Jimla 249, alhali babu iska 240 ne. Dalili shi ne ka fi daɗewa a ɓangaren da take cutar da kai fiye da wanda take taimakonka.

A babban jirgin fasinja kuwa abin juyewa yake yi idan tafiyar gajeriya ce. Mil 220 a gudun 450 minti 29 ne a takarda, amma jirgin da ƙyar zai taɓa 450 ɗin. Sauka kaɗai tana buƙatar kusan mil 3 a kowace ƙafa 1,000, daga 25,000 mil 75 ke nan, ga kuma dokar ƙasashe da yawa da ta hana wuce 250 a ƙasa da ƙafa 10,000. A can hawa da sauka ne ke cinye lokacin.

Ni ma na taɓa yin irin lissafinka ina ɗalibi. Muna sama malamina ya nuna mini alamomi biyu a taswira, mil 30 tsakaninsu, ya ce in duba agogo. Na rubuta minti 16, agogo ya ce 20. Bai ce uffan ba, sai ya ƙwanƙwasa ma'aunin mai da yatsa. Mil 30 a minti 20 gudun 90 ne, nan take na gane. Har yau haka nake yi: hasashen iska hasashe ne, alamar farko bayan ka daidaita a sama ita ke gaya maka gaskiya, sai ka gyara sauran lokutan da ita.

Abin da malaminka ke hange mai ne. Jirgin nan yana shan kusan galan 8 a awa, minti 27 kusan galan 3 da rabi ke nan. A wurare da yawa rarar man da doka ta wajabta wa mai tuƙi da rana yana dogara da ganin ido ta minti 30 ce. Da ka zuba mai bisa awa 2 da wannan rarar kawai, da ka iso fili da man minti 3 a tanki.