Ana danna Like a hoton dambuna, amma babu mai aiko saƙon oda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar dambun nama a wani ƙauye kusa da Wudil, ina kuma ɗora hotunansa a Facebook da Status na WhatsApp. Wani hoton yakan samu Like arba'in, ana ta rubuta "Masha Allah", amma mako yakan wuce babu wanda ya yi mini magana cewa zai saya. A ƙasan hoton nakan rubuta "Dambu mai daɗi, sai an gwada, DM". Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Gyaran yana cikin rubutun da ke ƙasan hoton, domin bai faɗa wa mai kallo abin da zai yi ba, ya bar shi da tambayoyi huɗu: nawa ne, yaushe za a samu, ana kaiwa unguwarsu, kuma me zai rubuto miki. Danna Like ba ya ɗora wa mutum nauyin komai, amma aiko saƙo tamkar tsayawa ne a gaban mai kaya a kasuwa, kuma mutanenmu da yawa suna jin nauyin su taya abu sannan su kasa saya. Wanda bai san farashi ba yakan gwammace ya yaba ya wuce. Saboda haka ban yarda da masu ɓoye farashi don a tilasta wa mutane tambaya ba. A abincin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ɓoyewar korar masu saye take yi. Ita kuma kalmar DM, ba kowa ne ya san cewa saƙo na keɓe ake nufi da ita ba, musamman iyayenmu mata, waɗanda su ne ke yawan sayen dambu don gara ko tsarabar ɗalibai.

A ce kina yin dambu ranar Alhamis saboda masu shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, kina cika roba ashirin, kowace naira 2,000. Ga yadda zan so ki rubuta:

"Dambun naman sa na Juma'a, roba ɗaya naira 2,000. Roba 20 kawai zan yi. Ki aiko mini da kalmar DAMBU da adadin da kike so ta WhatsApp kafin la'asar ɗin Alhamis, ko ki yi saƙon murya. Ana karɓa a bakin kasuwar Wudil da safe."

Abin da ya fi aiki a nan shi ne kalma ɗayan da kika ba mutum ya aiko. Kin ɗauke masa wahalar tunanin yadda zai fara magana da wadda bai sani ba, domin "DAMBU 2" ya wadatar, kuma ke ma da kin gani kin san oda ce. Na sa saƙon murya da gangan, saboda a karkara akwai masu kuɗin saye da yawa da rubutun boko ke yi wa wuya, kuma idan ba a ce musu an yarda da murya ba sai su yi shiru. Lokacin rufewa kuwa shi ne ke hana mutum cewa sai anjima, amma dole ya zama gaskiya. Idan kika ce ashirin ne, sannan aka ga kina ta neman masu saye har Asabar, to a mako mai zuwa babu wanda zai yi gaggawa, kuma a ƙauye magana ba ta daɗewa ba ta zaga ba. Idan masu sayenki maza da mata ne, ki mayar da "ki aiko" zuwa "a aiko".

Ki kula kada ki haɗa buƙatu da yawa a talla ɗaya. Wadda ta rubuta a danna Like, a yaɗa, a kira, a kuma aiko saƙo, za ta samu mafi sauƙinsu, wato Like ɗin. Sannan farashi da kalmar aikowa su zo a layukan farko, domin Facebook yana naɗe dogon rubutu a bayan See more, kuma ba kowa ke buɗewa ba.

Hanyar da saƙon zai bi ta bambanta a wurare biyun. A Status, mai kallo yana iya ba ki amsa nan take ta wurin Reply da ke ƙasan hoton, don haka ki ce "a amsa wannan hoton da DAMBU" kawai. Sai dai Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma wanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai ke ganinsa, shi ya sa ya kamata ki ajiye lambar duk wanda ya taɓa saye, ki kuma roƙe shi ya ajiye taki. A Facebook kuwa, rubuta lamba zalla yana sa mutum ya kwafe ta, ya ajiye, ya buɗe WhatsApp ya nemo ki, kuma a nan ne mutane suke zubewa. Maganinsa adireshin da ke buɗe hirarku kai tsaye:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=DAMBU
```

A gurbin X ɗin nan goma ki sa lambarki bayan kin cire sifirin farko, ba tare da alamar + ko tazara ba. Duk wanda ya taɓa shi, hirarku za ta buɗe da kalmar DAMBU a rubuce, turawa kawai zai yi. Ki gwada a wayar wani kafin ki ɗora. Idan aka ce lambar ba ta kan WhatsApp, yawanci sifirin ne aka bari ko lamba ɗaya ta faɗi.

Akwai kuma abin da nake so ki duba yau ɗin nan: saƙon wanda ba abokinki ba ne a Facebook yakan faɗa cikin Message requests a Messenger, inda ba lallai ki lura da shi ba. Mai yiwuwa wasu sun riga sun yi miki magana suna can suna jiran amsa. Idan kuma sabis yana yanke miki, ki sauke WhatsApp Business, ki kunna Greeting message, wato saƙon maraba da ke fita da kansa, ya faɗi farashi da wurin karɓa, amma ki sani shi ma sai wayar tana kan intanet yake fita, don haka ki faɗi a tallar lokacin da kike duba saƙo, misali bayan azahar da bayan isha'i.

Ki yi wannan Alhamis biyu a jere, kina rubuta abu uku a littafi: yawan waɗanda suka kalli Status, yawan saƙonni, da yawan waɗanda suka biya. Idan masu kallo kaɗan ne, matsalar lambobin da kika ajiye ce. Idan ana kallo ba a aikowa, ki sake duba farashi da wurin karɓa. Idan kuma ana aikowa ba a biya, ki fara neman rabin kuɗi kafin ki sayi nama, ki kuma rubuta hakan a cikin tallar tun farko.