Tiransifa Ɗaya, Takardun Bashi Huɗu: Wace Takarda Aka Biya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da littafin lissafi a wani shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa, Kano. Akwai wani kwastoma da muke bin sa bashi a takardun inbois huɗu, kuma dukkansu lokacin biyansu ya yi. Ta farko naira 350,000 ce, wadda yake ƙorafin cewa wasu buhunan sukari sun zo masa a jiƙe. Ta biyu 200,000. Ta uku 400,000, ita ce yayansa ya tsaya masa a kanta. Ta huɗu 250,000. Sai ga alat na 600,000 ya shigo, bai rubuta komai a gurbin bayani ba. Maigidana ya ce in fara cike tsohon bashi kamar yadda kwamfuta ke yi. Shin ya halatta, ko sai na tambayi mai kuɗin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗana, da ka dakata kafin ka danna. Amsar a taƙaice ita ce, zaɓen bashin da aka biya haƙƙin mai biya ne, don haka tambayarsa ta wajaba a kanka, sai dai in akwai sharaɗin da kuka ƙulla da shi tun farko.

Mutum zai iya cewa ai duk tafiyar ɗaya ce, tunda bashin 1,200,000 ne, an biya rabi, saura rabi. A jimla haka ne. Amma ka dubi yayan nan da ya yi lamuni. Idan ka bi maganar maigidanka, za ka cike ta 350,000 da ta 200,000, ragowar 50,000 ta hau kan ta uku, sai ya zama har yanzu akwai 350,000 a wuyan mai lamuni. Idan kuwa kwastoman ta biyu da ta uku ya nufa, 200,000 da 400,000 sun tashi 600,000 cif, yayansa ya fita fes, ba a bin sa ko kwabo. Ga kuma ta farko da ta huɗu, 350,000 da 250,000, su ma 600,000 ne, kuma a wannan lissafin lamunin yana nan cikakke. Ka ga alƙalaminka na iya ɗora wa bawan Allah nauyin da ya riga ya sauka daga kansa, alhali yana gida bai san ana yi ba. Bayan haka, cike takarda ta farko yana nufin ka rufe maganar buhunan da suka jiƙe ba tare da an zauna a kanta ba.

Wannan misali naka ya nuna iyakar dabarar da masu lissafi ke yi ta haɗa takardu har su dace da adadin da ya shigo. Dacewar adadi alama ce mai ƙarfi idan haɗi ɗaya ne kawai ya fito. A nan haɗi biyu suka fito, saboda haka adadin bai yanke komai ba.

Malamanmu sun yi maganar wannan mas'ala tun ba a san banki ba, a babin jingina. Sun kawo mutumin da ake bi bashi biyu, ɗaya da jingina ɗaya babu, ya biya wani abu, sannan aka yi jayayya a kan wanne ya biya. Imam Nawawi a Minhaj ya kawo cewa maganar mai biya ake karɓa tare da rantsuwarsa, domin shi ya san niyyarsa, kuma in bai ƙudura komai ba lokacin biya, yana da damar ya sanya kuɗin a kan wanda ya so. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil a Muhtasar ya ce idan suka saɓa, kowa na da'awar abin da aka ayyana, to bayan sun rantse sai a raba abin da aka karɓa a kan basussukan gwargwadon girmansu, kuma ya haɗa lamuni da jingina a wannan hukunci. A lissafinka rabon mai sauƙi ne tunda rabi aka biya: 175,000 a ta farko, 100,000 a ta biyu, 200,000 a ta uku, 125,000 a ta huɗu, lamuni ya rage 200,000. Amma ka lura, wannan magani ne na jayayya a gaban alƙali ko masu sulhu. Ba shi ne matakin farko ba, kuma babu ɗaya daga cikin maganganun biyu da ta bai wa mai bin bashi ikon zaɓar abin da ya fi masa daɗi a ɓoye.

Fara cike tsohon bashi halal ne idan sharaɗi ne sananne, domin hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In an rubuta a ƙasan kowace takarda cewa kuɗin da ya zo babu bayani zai tafi kan mafi tsufa, kwastoma ya sani ya yarda, to ka yi aiki da shi. Haka nan in al'adarku ce da shi shekara da shekaru kuma bai taɓa musawa ba. Amma tsarin da manhaja ta zo da shi daga kamfani ba yarjejeniya ba ce, don kwastoma bai sa hannu a kai ba.

Ga abin da za ka yi. Da farko ka tabbatar kuɗin nasa ne, ta hanyar duba sitatimen na banki da kanka, kada ka dogara da hoton rasit da aka turo ta waya. Sau da yawa sunan da ke fitowa na mai POS ne ko na ƙanin kwastoma, kuma mutum biyu na iya turo adadi iri ɗaya a rana ɗaya, don haka ka haɗa kwanan wata da lambar tiransifar. Sannan ka shigar da 600,000 a asusunsa ranar da suka shigo a matsayin kuɗin da ba a raba ba tukuna, jimlar bashinsa ta sauka zuwa 600,000 nan take. Jinkirta wannan zalunci ne, don ya riga ya biya. Daga nan ka aika masa saƙo a rubuce da lambobin takardun huɗu da adadinsu, ka ce masa, “Alhaji, waɗanne za a cike?” Amsarsa ka adana ta tare da takardun. Allah ya umarce mu a aya ta 282 ta Suratul Baƙara da rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, ya kuma ce wanda haƙƙin ke kansa shi ne zai yi shifta.

Wajen rubutawa, shigowa ɗaya a banki ta zama rasit ɗaya a littafinka, a ƙarƙashinsa ka rarraba ta kan takardun. Idan ka yanke ta gida biyu ko uku kamar kuɗi daban-daban, ƙarshen wata ba za ka sami layin da ya dace da sitatimen ba, kuma ta nan ne ake lissafa kuɗi ɗaya sau biyu. Idan raguwa ta bayyana, kamar ya turo 598,000, kada ka rufe takardar ka share 2,000 da ra'ayinka, domin yafiya ta mai dukiya ce. Ka bar ta a buɗe da ragowarta har maigida ya yi magana. In kuma rara ce, amana ce a hannunku, ku sanar da shi ya zaɓa, a mayar masa ko a ajiye masa.

Shi kuwa maigidanka, ka nuna masa lissafin nan uku cikin ladabi, ka nuna masa inda mai lamuni ya tsaya a kowanne. Idan kwastoma ya ce ta biyu da ta uku ya biya, a rubuta haka, a kuma sanar da yayansa cewa lamuninsa ya ƙare. Maganar buhunan sukari kuma a zauna a yi ta daban. Wallahu a'alam.