Sawuna yana fitowa cif, na ƙanena a katse: wane takalmi ya dace da kowa?

Tambaya: "Salamu alaikum jama'a. Ina tsaron shago a Gusau, wuni nake yi a tsaye. In na yi alwala na taka siminti, sawuna gaba ɗaya yake fitowa, amma na ƙanena diddige da gaban ƙafa kawai ake gani. Ni da yamma cikin ƙafata ke ciwo, shi kuma yawan gurɗewa yake yi. Ya ake gane irin ƙafar mutum, kuma wane takalmi za mu saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko sisi, ka sake gwajin a kan takarda, domin siminti mai zafi yana shanye ruwa kafin ka duba, ruwa mai yawa kuma yana malala ya cike gurbin da ƙafa ba ta taɓa ba. Samu kwali ko takardar buhun siminti, ka jiƙa tafin ƙafa sama-sama, ka taka da duk nauyinka kana tsaye cak, ka ɗaga ƙafar sama ba tare da ka ja ta ba, sannan ka zagaye shatin da biro. Ka yi wa ƙafa biyun. Sai ka auna wuri biyu da rula: inda sawun ya fi faɗi, wato bayan yatsu, da inda ya fi tsukewa a tsakiya. A ce gaban ya ba ka santimita 9. In tsakiyar ta ba ka 3 zuwa 4, ƙafarka matsakaiciya ce. In ta kai 6 ko 7, gefen ciki ya kusa miƙewa sambal, shimfiɗaɗɗiya ce. In ba ta wuce 2 ba, ko sawun ya rabu biyu kamar na ƙanenka, kwarmin tafin ya yi zurfi. Wannan kimantawa ce kawai, don mai jiki yana iya fitar da cikakken sawu saboda tsokar tafi, alhali ƙasusuwansa a tsaye suke lafiya.

Gwajin da ya fi wannan amfani shi ne na ɗage. Ka dafa bango, ka tsaya a kan yatsu, wani ya duba ka ta baya. Idan kwarmin ya bayyana kuma diddige ya ɗan juya ciki, ƙafar mai laushi ce, nauyi ne kawai ke kwantar da ita, kuma yawancin masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa haka suke. Idan ta tsaya a shimfiɗe ko kana zaune ko kana ɗage, ta sandare ke nan, wannan ba matsalar da takalmi zai gyara ba ce, ta likitan ƙashi ce. Mai duba ka ya kuma ƙirga yatsun da yake hangowa ta waje in ka tsaya daidai. Ɗaya da rabi zuwa biyu ba komai, amma uku ko huɗu na nuna ƙafar ta kwanta ciki sosai.

Tsohon takalmi ma shaida ne, sai dai mutane da yawa suna karanta shi ba daidai ba. Cinyewar dunduniya ta gefen waje kusan kowa yana da ita, don ta nan ake fara dira ƙafa. Gaban sol ɗin za ka duba, ka kuma ajiye takalmin a kan tebur ka kalle shi ta baya. Wanda ya karkata ciki, ya cinye ƙarƙashin babban yatsa, na mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ne. Wanda ya cinye gefen waje tun daga baya har ƙaramin yatsa, na irin ƙanenka ne.

Dalilin bambancin buƙatarku yana cikin ginin ƙafar. Ƙasusuwan tsakiya kamar baka suke, ga kuma jijiya mai kauri daga diddige zuwa gindin yatsu tana riƙe da su kamar tsirkiya. A ƙafarka bakan yana buɗewa fiye da kima duk lokacin da ka taka, sai wannan jijiyar da wata da ke bi ta bayan idon sawu na ciki su wuni suna ja. Shi ya sa ciwon ke zuwa da yamma ba da hantsi ba. Abin da kake nema a takalmi shi ne riƙo. A kasuwa ka matse bayan takalmin da yatsa biyu, in ya lotse kamar tsumma ka ajiye. Ka kama gaba da baya ka murɗa, kada ya murɗu da sauƙi. Ka lanƙwasa shi, ya lanƙwasu a gindin yatsu kaɗai, wanda ya naɗe a tsakiya ba naka ba ne. Gaban ya zama mai faɗi, domin irin ƙafarka tana bajewa, duga-dugan kuma su fi gaban tudu da kamar santimita 1 zuwa 2. Silifa mai laushi da ake jin daɗinta a taku na farko ita ce ta fi cutar da kai a wunin tsayuwa. In zafin gari ya hana ka sau-ciki, nemi sandal mai maɗauri a baya da sol mai ƙwari.

Idan za ka sa abin tallafi a ciki, kada ka bari mai gyaran takalmi ya cusa tudu mai tsawo wai don ya ɗaga ƙafar. Ba zai canza ginin ƙafar babba ba, bororo kawai zai fitar maka. Tudu kaɗan mai ɗan tauri ya isa, ka fara da awa biyu a rana kana ƙarawa har ƙafar ta saba. Ka riƙa miƙar da sha-raɓa ma: dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, daƙiƙa 30 sau uku. Sha-raɓa in ta ɗaure tana tilasta wa tsakiyar ƙafa ta ƙara kwanciya.

Ƙanenka akasin haka ne. Ƙafarsa ta yi tauri, ba ta lotsawa ta shanye dira, nauyin duk yana sauka a diddige da gindin yatsu, inda za ka tarar fata ta yi kanta, kuma yana takawa da gefen waje, dalilin gurɗewar ke nan. Shi taushi yake buƙata: sol mai kauri da soso, mai faɗin gindi don kada ya kife, ba mai tudu mai tauri a gefen ciki ba, wanda zai ƙara tura shi waje. Bayan ƙafarsa yana da tudu, don haka takalmi mai igiya ya fi masa wanda ake zurawa. In igiyar na danne shi a tsakiya, ya tsallake huda ɗaya ko biyu a daidai wurin. Saman yatsu ya zama da sarari, saboda yatsun irin wannan ƙafa sukan tanƙware su goga.

Mai matsakaiciyar ƙafa, duk takalmin da ya zauna masa daidai ya wadatar. Haka ma mai shimfiɗaɗɗiya ko mai zurfi da ba ya jin ciwo. An gwada raba wa sababbin sojojin Amurka kambas bisa shatin sawunsu, bai rage musu rauni ba, don haka ciwo da yadda takalmin ya zauna su ne ma'auni, sawu jagora ne kawai. Ku je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ku gwada a tsaye ƙafa biyu, ku bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi.

Akwai inda zan ce a bar maganar takalmi a nufi asibiti, ko na Yariman Bakura ko wanda ya fi kusa, a nemi likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi. Ƙafa ɗaya ta shimfiɗe ga babba alhali da ba haka take ba, da kumburi bayan idon sawu, ko ya kasa ɗage a kanta ita kaɗai. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta kumbura ta yi ɗumi tana canza siffa, ko da babu ciwo, wannan na gaggawa ne. Ga ƙanenka kuma, ka tambaye shi ko zurfin yana ƙaruwa, ko a ƙafa ɗaya ne, ko ƙafar na jan ƙasa, ko ƙwaurinsa na ramewa, domin irin wannan kan samo asali daga cutar jijiyoyin laka, har da tsohon shan-inna. Yara ƙanana kuwa a ƙyale su, da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ake haihuwar kowa, kwarmin yakan fito tsakanin shekara 6 zuwa 10.