Shekara nawa sola zai mayar da kuɗinsa? Amsa ga yaron shago

"Oga, mai shagon sanyi da muka yi wa kiyasin sola na naira miliyan 3, na ce masa cikin shekara 3 kuɗinsa zai dawo. Yau ya zo da ɗansa mai karatun akanta, shi kuma ya ce shekara 5 ne da ɗoriya. Wa ya yi kuskure tsakanina da shi?"

Sani, babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinku. Tambaya biyu daban kuka amsa, kuma ku biyun kun bar wa mutumin rami a gaba. Ɗauko kalkuleta mu bi a hankali.

Naka shi ne lissafin kai-tsaye. Ya ce fetur da gyaran janareta suna cin masa kusan naira miliyan 1 a shekara. Ka raba miliyan 3 da miliyan 1, ka samu 3. Ba laifi ba ne, ni ma da shi nake buɗe magana da kwastoma, domin kowa yana gane shi ba sai an zana masa komai ba. Aibinsa shi ne ya ɗauki miliyan ɗin da za a tsira da ita a shekara ta uku daidai da miliyan ɗin da za a zaro daga aljihu yau.

Ɗan kasuwa kuwa bai taɓa yarda da haka ba. Miliyan 3 ɗin nan ba a ƙarƙashin katifa take kwance ba. Da bai ba mu ita ba, da lemo da ruwan leda zai saro ya juya. Mu ɗauka duk naira 100 da ya sa a shagon tana zama 120 a ƙarshen shekara. To a wurinsa naira 120 ta baɗi daidai take da 100 ta yau. Abin da ɗan nasa ya yi ke nan: ya rage wa kuɗin kowace shekara daraja gwargwadon nisanta, sannan ya tara, wato lissafi mai ragi.

Ga yadda ake yi. Rubuta 1,000,000 ka raba da 1.2, za ka ga 833,333. Darajar shekarar farko ke nan a kuɗin yau. Kada ka goge, sake rabawa da 1.2: shekara ta biyu 694,444. Sake rabawa: ta uku 578,704. Tara ukun, ka samu 2,106,481. Ka ga a ranar da kai ka ce kuɗi ya dawo, a lissafinsa da sauran kusan dubu 900 a waje. Ta huɗu ta kawo 482,253, ta biyar 401,878, jimilla ta kai 2,990,612. Saura ƙasa da dubu 10, wadda shekara ta shida za ta cike cikin 'yan kwanakinta na farko. Shekara 5 da ɗoriyar da ya faɗa ke nan.

Idan wani kwastoma ya ɗaure fuska yana zaton kuɗin ruwa ake lissafa masa, ka kwantar masa da hankali. Kashi 20 ɗin ba ruwan bashi ba ne. Ribar da kuɗinsa yake kawowa ne a sana'arsa ta halal, wadda zai haƙura da ita in ya sa kuɗin a kan rufin kwano. Wanda ya ciwo bashin banki don ya saya ne kaɗai za a sa masa ruwan da bankin ya ɗora.

A nan rauni na farko na lissafi mai ragi yake. Duk amsar tana rataye da wannan kashi guda, kuma mutum ne yake zaɓensa. Sa kashi 10, kuɗin ya dawo cikin shekara 3 da wata 9. Sa kashi 25, ya wuce shekara 6. Sa kashi 35, har abada ba zai dawo ba, domin miliyan 1 a kowace shekara, ko shekara ɗari aka yi ana tarawa, darajarta a yau ba za ta kai miliyan 2.9 ba. Sola ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukansa, amma amsa ta tashi daga "saya" zuwa "kada ka soma". Don haka duk wanda ya kawo maka shekarun lissafi mai ragi, ka fara tambayarsa kashi nawa ya sa, kuma daga ina ya samo shi.

Akwai kuma wani abu da nake zargin ɗan nasa ya yi, kuma masu karatu da yawa suna yi. Ya sa kashi 20, wanda hauhawar farashi ke cikinsa, amma ya bar kuɗin fetur a miliyan 1 shekara bayan shekara, kamar gidan mai ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Kai shaida ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashin gwamnati na lita bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya taɓa 1,000. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Wanda ya rage darajar kuɗi da babban kashi amma ya daskarar da farashin mai, ya zalunci solar. In da fetur zai riƙa tashi da kashi 20 duk shekara tun daga bana, ragin da tashin za su cinye juna, amsa ta koma shekara 3 ɗinka. Ƙa'idar ita ce ko dai hauhawar ta shiga ɓangarorin biyu, ko a cire ta daga duka biyun.

Yanzu ga ramin da na ce kun bari. Wane batir muka sa a kiyasin? Mai ruwa. Ka san yadda zafin Afrilu da firji mai aiki dare da rana suke yi masa. Mu yi masa adalci mu ce zai kai shekara ta huɗu, kuma sabon saiti zai ci miliyan 1.2. Lissafinka ya rufe littafi a ƙarshen shekara ta uku, bai ga wannan ba sam. A shekara ta huɗu mutumin zai tsira da miliyan 1, ya kashe miliyan 1.2, jimillarsa ta sauko zuwa miliyan 2.8. Kuɗin da ka ce ya dawo ya sake fita. Ranar nan kai zai nema, ba ɗansa ba, kuma maganar za ta zagaya layin kasuwa kafin la'asar.

Ɗan nasa ma, daga alƙaluman da ya bayar, bai sa batir ba. In aka sa, shekara 5 ɗinsa ta tashi zuwa dab da ƙarshen ta bakwai, inda jimilla za ta kai 3,025,888. Sai shekara ta takwas ta zo da canjin batir na biyu, jimillar ta faɗo zuwa 2,979,374, ƙasa da jari. Sai an shiga ta tara za a sake haye layin. To wace ce shekarar dawowar jari, ta bakwai ko ta tara? Lissafin ba shi da bakin faɗa, domin an gina shi ne ya tsaya a karon farko da ya taɓa layi. Ni ta ƙarshen nake faɗa wa kwastoma.

Wannan makantar duka biyun suna da ita: abin da ya biyo bayan ranar dawowar jari ba ya cikin idonsu, alheri ne ko asara. Farantan sola masu kyau ana ba su garantin aiki na kimanin shekara 25. Duk wutar da za su bayar daga shekara ta shida zuwa sama, babu ko kwabonta a cikin "3" ɗinka ko "5" ɗinsa. Kamar mai shuka mangwaro ne da ya ƙirga 'ya'yan da suka biya kuɗin dashe da ban-ruwa, ya daina ƙirga daga nan.

Inda abin ya fi cizo shi ne wajen zaɓi tsakanin kaya biyu. Ka ce mun ba shi na biyu mai batirin litiyom a miliyan 4, mu ɗauka zai yi shekara 10 ba canji. Lissafin kai-tsaye zai ce 3 da 4, ɗauki mai ruwa. Amma a shekara 10, mai ruwa ya tsirar da miliyan 10, an cire jari 3 da batir sau biyu 2.4, saura miliyan 4.6. Na litiyom saura miliyan 6. Wanda ya fi jinkirin dawo da jari shi ya fi barin kuɗi a aljihu.

Kada ka yi saurin cewa litiyom ya ci, domin wannan ma naira ce ba ragi. Abin da ya kamata shi ne a rage darajar kuɗin dukkan shekaru goman, shiga da fita, a tara, a cire jari, a ga abin da ya rage a kuɗin yau. A Excel, in ka jera kuɗin shekara ta 1 zuwa ta 10 daga B2 zuwa B11, a shekarun batir ka sa -200000, wato miliyan 1 a cire 1.2, sai ka rubuta:

```
=NPV(20%,B2:B11)-3000000
```

Jarin a waje yake zama, domin yau aka biya shi, ba a rage masa komai; na litiyom kuma sai ka sa miliyan 1 a duk shekarun, jarin ya zama 4000000. A kashi 20, mai ruwa ya bar kusan dubu 335, litiyom kusan dubu 192. A kashi 10 kuwa sai su juya: mai ruwa miliyan 1.77, litiyom miliyan 2.14. Ma'ana, ɗan kasuwar da kuɗinsa ke juyawa da sauri yana da hujjar ɗaukar mai arha ya bar miliyan ɗaya tana aiki a shago, ma'aikacin da kuɗinsa ke zaune a asusu kuma litiyom ya fi masa. Shekarun dawowar jari, kowane irinsu, ba za su nuna maka wannan ba.

Ban ce ka jefar da su ba. Mai hayar shago da yarjejeniyarsa ta rage shekara 4, ko mai tsoron a tashi kasuwar, abin da ya dame shi shi ne tsawon lokacin da kuɗinsa zai yi a waje, kuma nan lissafin nan yake da amfani.

Gobe ka kira su su biyun. Ka tambayi uban ribar da naira 100 take kawo masa a shekara, da bakinsa, kada ɗan ya amsa masa. Ka karɓi littafin da yake rubuta kuɗin mai ka duba ko miliyan 1 ɗin gaskiya ce, domin da damina da hunturu firji ba ya shan wuta kamar bazara, kuma in Nepa tana kawo musu wuta da rana, abin da zai tsira da shi ya ragu. Sannan ka ja layi goma a takarda, shekara ɗaya layi ɗaya, ka rubuta canjin batir a layi na huɗu da na takwas kafin ka rubuta komai. Ka kawo min in duba kafin ka kai musu.