Rancen darakta: yadda ake rubuta shi da biyansa

"Ni ne daraktan SARL ɗinmu a Yamai, ina da hannun jari a ciki. Na ranta wa kamfanin sefa miliyan 5 ba kuɗin ruwa, yanzu an maido mini miliyan 2. Yaya zan rubuta?"

Alhaji, kuɗin nan ba ciniki ba ne, ba ƙarin jari ba ne. Bashi ne a wuyan kamfani. A tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA, wurinsa asusu na 462, inda ake rubuta abin da ke tsakanin kamfani da masu hannun jari. Asusu na 521 kuwa na banki ne.

```
Débit 521   5 000 000
Crédit 462  5 000 000

Débit 462   2 000 000
Crédit 521  2 000 000
```

Na sama ranar da kuɗin suka shiga banki ne, na ƙasa ranar da aka biya ku. Saura miliyan 3 kuke bin kamfanin. Kada miliyan 2 ɗin nan su shiga cikin kuɗin kashewa, domin za su rage riba ba bisa ƙa'ida ba, masu haraji kuma ba za su yarda ba.

Inda nake ji muku tsoro shi ne ɗauka kaɗan-kaɗan, yau jika 200, gobe kuɗin makarantar yara, har a zarce miliyan 3 ba a ankara ba. Daga nan asusun ya juye, kamfani ne ke bin ku, kuma dokar kamfanoni ta OHADA, sashe na 356, ta haramta wa mai tafiyar da SARL cin bashin kamfaninsa. Ku riƙa duba 462 kowane ƙarshen wata.

Ku kuma rubuta takardar yarjejeniya mai kwanan wata, da adadin kuɗin, da cewa babu ruwa. Kowane biya ya bi ta banki.