Rilif bawul a injin haidirolik: me ya sa dole a saka shi, kuma yaya ake saita shi?

Tambaya: Malam, na haɗa injin matse ƙarfe na haidirolik. Silindar milimita 80 ce, famfon yana ba da lita 16 a minti, motar lantarkin kilowat 5.5, aikin kuma na tan 6 ne. Abokin aikina ya ce in cire rilif bawul ko in ɗaure shi har ƙarshe, wai shi ke rage wa injin ƙarfi. In yi? Idan a'a, yaya zan saita shi?

Amsa: Malam, kada ka cire shi, kada kuma ka ɗaure shi har ƙarshe, domin duka biyun abu ɗaya ne.

Famfon giya, wanda shi aka fi sakawa a irin wannan injin, mai kawai yake turawa. Duk juyin da ya yi sai ya fitar da adadin mai iri ɗaya, ko akwai hanya a gabansa ko babu. Matsi yana tasowa ne idan man ya gamu da abin da ya tare shi. Muddin fistin yana tafiya, man yana da wurin shiga, matsin kuma yana tsayawa daidai nauyin aikin. To amma idan fistin ya kai ƙarshen silinda, ko ya doki ƙarfen da ya fi ƙarfinsa fa? Famfo bai daina turo lita 16 ɗinsa ba, mai kuwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin ƙiftawar ido matsin ya haura, kuma zai ci gaba da hawa har sai wani abu ya sallama: tiyo ya fashe, robar silinda ta fita, jikin famfo ya tsage, ko motar ta cije ta ƙone. Rilif bawul shi ne ƙofar da sifirin ke riƙe da ita a rufe. Da zarar matsi ya kai inda aka saita, man ya rinjayi sifirin ɗin, ƙofar ta buɗe, ya koma tanki. Shi ya sa wurinsa yake dab da bakin famfo, kafin duk wani bawul da zai iya rufe hanya, kuma bututun da ke mayar da mai tanki daga gare shi ba a saka masa komai da zai toshe shi.

Yanzu lissafin naka injin. Fistin mai milimita 80 yana da fuska kusan santimita murabba'i 50. Bar ɗaya kuwa kusan kilo ɗaya ne a kan kowane santimita murabba'i. Idan ka raba kilo 6,000 gida 50 za ka sami bar 120. Ƙara kamar bar 10 na abin da ke ɓacewa a cikin tiyo da bawul ɗin sarrafawa, ka ga aikinka yana neman bar 130. Ba a saita rilif daidai kan wannan adadi, saboda yakan fara zubar da mai kaɗan-kaɗan tun kafin ya kai inda zai buɗe gaba ɗaya. Idan ka ajiye shi a 130, injin zai yi sanyin jiki a daidai lokacin da kake neman ƙarfinsa, man kuma ya yi zafi. Ina zargin abin da abokinka ya gani ke nan. Ba shi tazara ta kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wato bar 150.

Daga sama kuma akwai iyaka, kuma abin da ya fi rauni a injin shi ke yanke ta. Karanta rubutun jikin tiyonka. Tiyo mai waya ɗaya na rabin inci galibi bar 160 ne aka rubuta masa, ko da famfon zai iya ɗaukar 210. Sai ƙarfin mota:

```
kW = bar × L/min ÷ 600
```

A bar 150 da lita 16, kilowat 4 ke nan, idan ka haɗa da asarar cikin famfo ya kusa 4.7. Motarka za ta ɗauka. A bar 200 kuwa, haɗe da asarar, abin ya wuce kilowat 6, ya fi ƙarfinta, ya kuma wuce iyakar tiyon. Idan wata rana ka buƙaci tan 10, maganin shi ne silinda mai milimita 100, wadda za ta ba ka hakan a wajen bar 130, sai dai tafiyarta za ta ragu.

Saitin kansa ba a yinsa da kunne ko da ƙiyasi, sai da geji. Kashe injin, sauke duk wani nauyi da silindar ke riƙe da shi, ka motsa hannun sarrafawa gaba da baya don ragowar matsi ya fita, sannan ka ɗaura geji mai kaiwa bar 250 tsakanin famfo da rilif. Sassauta notin da ke kulle sukurun saiti, ka warware sukurun ta hagu har ka ji sifirin ya saki. Kada ka zare shi duka, domin a wasu bawuloli fita yake yi, mai ya biyo shi. Tayar da injin a haka, ka bar shi yana juya mai har ya ɗumama zuwa digiri 40 ko 50, saboda mai mai sanyi yana da kauri, kuma saitin da aka yi da shi yakan sauya idan aiki ya yi zafi.

Sai ka tura fistin har ƙarshen tafiyarsa ba tare da komai a ƙarƙashinsa ba, ka riƙe hannun a nan. Yanzu duk man famfon ta rilif yake bi, abin da geji ya nuna kuma shi ne ainihin saitin. Juya sukurun ta dama, kwatan juyi a kowane karo, idonka a kan allura, har ta kai 150. Kada ka riƙe fiye da 'yan daƙiƙoƙi a kowane karo, domin a wannan hali kilowat 4 ɗin nan gaba ɗaya zafi yake zama a cikin man. Riƙe sukurun da sifana ɗaya, ka ɗaure notin da wata, sannan ka sake gwadawa, don ɗaure noti yakan ɗan gusar da saiti. Rubuta adadin a jikin injin.

Ga inda mutane ke jawo wa kansu. Idan kana ɗaurewa allura ta tsaya a 90, misali, ta ƙi gaba, dakata. Ƙarin ɗauri ba zai gyara komai ba. Ko datti ya maƙale a bakin bawul ɗin ya hana shi rufewa, ko famfon ya cinye yana zubar da mai ta ciki, ko robar fistin ta mutu. Wanda ya ɗaure sukuru har ƙarshe a irin wannan hali, ranar da dattin ya fita ko aka saka sabon famfo, injinsa ba shi da rilif ke nan. Bayan saiti kuma, idan ka ji bawul ɗin yana tsuwa a tsakiyar aiki, ko jikinsa ya fi sauran sassa zafi, ko man tanki ya haura digiri 60, to mai yana bi ta cikinsa lokacin da bai kamata ba.

Yayin wannan aiki saka gilashin kare ido, kada ka tsaya saitin tiyo ko bayan sukurun, kuma kada ka laluba yoyo da hannu, yi amfani da kwali. Siririn mai da ke fita ta ƙaramin rami a bar 150 yana huda fata ya shige cikin nama. Ramin kan yi kama da tsinin allura, da farko ma ba ya ciwo sosai, amma rauni ne da ke buƙatar tiyata cikin 'yan sa'o'i. Duk wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga.