Bitar Mako da Karɓar Bashi: Tambayoyin da Suke Nuna Ci Gaba

Tambaya: "Malam, ina sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Sakkwato. Duk Juma'a nakan rubuta yadda mako ya kasance don in ƙware wajen karɓar bashi da iya ciniki, amma ban ga canji ba. Me ya kamata in riƙa tambayar kaina?"

Amsa: Alhaji, a ajiye iya ciniki tukuna, a ɗauki karɓar bashi kaɗai, domin shi ne yake riƙe maka jari, kuma shi ya fi sauƙin aunawa. Tambayar da amsarta ba ta wuce "kasuwa sai godiya" ba ta da gurbi a littafin. Wadda ake so ita ce wadda ba ta amsuwa sai da adadi ko da wani abu da ya faru a shago.

Ta farko ita ce: nawa ne wa'adin biyansa ya cika a makon nan, nawa kuma ya shigo hannu? A ce wa'adin naira 100,000 ya cika, aka biya 40,000, ka karɓi kashi 40 cikin 100 ke nan. Wannan kason za ka riƙa bi, ba jimillar kuɗin ba, saboda jimilla tana hawa da sauka gwargwadon kayan da ka bayar.

Daga nan sai ka tambayi abin da yake hannunka: mutum nawa na tuntuɓa, ta waya ko ido da ido, kuma wace magana na faɗa wa wanda ya biya? Rubuta maganar yadda ta fito daga bakinka. Mai yiwuwa ka tarar cewa waɗanda ka ce wa "ranar Talata zan aiko yaro" sun biya, waɗanda ka ce wa "idan an samu hali" ko kobo ba su kawo ba. Akwai kuma tambayar da 'yan kasuwa suka fi kauce wa, alhali a ganina ta fi sauran amfani: wa na ji nauyin tambaya? Sau da yawa bashi mafi tsoka yana wurin ɗan'uwa ko maƙwabci ko abokin mahaifi, kuma kunya ce ta hana a yi maganarsa.

Ka rufe shafin da gyara guda ɗaya, misali yanka ranar biya tun lokacin ba da kaya, sannan ka buɗe shafin mako mai zuwa da tambayar ko ka aikata shi. Idan ka sauya abubuwa uku a lokaci ɗaya, ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba.

Kada ka yanke hukunci da mako guda, domin kason yakan ɗaga da kansa idan an biya albashi, ba don ka ƙware ba. Tara wa'adi da biya na mako huɗu, ka kwatanta da na huɗun da suka gabata. Idan kason bai motsa ba kuma amsoshinka suna maimaita kansu, ka daina tambayar yadda kake karɓa, ka koma kan su wa kake ba kayan tun farko.